P bakwai a sashen awon ciki na asibitinmu: rajistar aikin wata biyu

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau na buɗe wannan rajista. Asibitinmu ƙarami ne, gado takwas, a wata unguwa cikin birnin Kano. Yayana shi ne likita kuma mai wurin, ni ke riƙe da kuɗi da ma'aikata da sayayya. Makon jiya na zauna na ƙirga rajistar awon ciki daga Janairu zuwa Yuni. Mata 212 suka yanki kati. A cikinsu 131 ne suka dawo karo na biyu, 74 suka zo sau huɗu ko fiye, 38 kuma suka haihu a wurinmu. Na nuna wa Yaya, ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba.

Da farko na ce masa talla muke buƙata, a sa mu a rediyo. Sai ya tambaye ni: "To waɗannan tamanin da ɗayan da suka zo sau ɗaya ba su dawo ba, rashin jin sunanmu ne ya hana su?" Ban da amsa. Shi ya sa na koma kan abin da aka koya mana a kwas ɗin kasuwanci, wato P bakwai. Ana kiransu haka ne don a Turanci duk da harafin P suka fara. McCarthy ya kawo huɗun farko a 1960: haja, farashi, wuri da talla. A 1981 Booms da Bitner suka ƙara uku saboda masu sayar da hidima irinmu: mutanen da ke aikin, tsarin da ake bi, da abin da idon mai zuwa ke gani. Ba zan taɓa duk asibitin lokaci guda ba. Awon ciki kawai zan ɗauka, in bi shi da waɗannan bakwai har ƙarshen Oktoba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Talata da yau na tsaya bakin ƙofa da agogo da takarda. Ranakun awonmu ke nan, da safe. Mata 30 na bi, daga shigowa har fita. A tsakaice kowacce ta yi awa biyu da minti ashirin da biyar a cikin asibitin, amma zamanta gaban ungozoma bai wuce minti goma sha biyu ba. Sauran duk jira ne.

Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk da ina wuce wurin kullum, shi ne mace ɗaya tana bin layin biyan kuɗi sau uku: na kati, na gwaji, na magani. Taga ɗaya ce, mutum ɗaya ne a ciki, kuma masu zazzaɓi da masu kawo yara duk nan suke biya. Ga shi lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, wurin a cike. Na ga wata mai tsohon ciki ta dafa bango ta miƙe daga benci karo na uku, da goyon ƙaramin yaro a baya, kwalbar fitsari a naɗe cikin gefen hijabi don kada a gani. Wannan tsarinmu ne, mu muka shimfiɗa shi haka.

Talata, 9 ga Satumba

Na roƙi Sista babba ta kira waɗanda ba su dawo ba, don magana ce ta mata, kuma sirrin mara lafiya ne. Ta kira lamba 40, aka ɗauki 26. Yawancin lambobin na mazajen ne, sai ta gabatar da kanta ta nemi a haɗa ta da maiɗakin, ba ta faɗa wa kowa abin da ke cikin kati ba.

Sha ɗaya sun ce kuɗi ne. Amma da ta bi maganar a hankali, ba tsada suke nufi ba. Wani magidanci ya ce mata: "Sista, ni ban ƙi biya ba. Amma in ba ta dubu biyar, ta kira ni ta ce an ce dubu goma sha ɗaya, ina kasuwa, ya zan yi?" Rashin sanin abin da za a caje su ne ya kore su. Bakwai sun ce jira. Huɗu sun ce ba su ji daɗin namiji ne ke yin sikanin ba, kuma labulen ɗakin ba ya rufewa sosai. Huɗu sun tafi goyon ciki gidan iyayensu, suna awo a can.

Babu ko ɗaya da ta ce ba a iya aiki ba. Wannan ya kwantar mini da hankali ta wani ɓangaren, ya kuma nuna mini cewa mai zuwa awo ba ta da hanyar auna ƙwarewar likita, don haka abin da take iya gani take aunawa: lokaci, kuɗi, labule, da fuskar da aka tarbe ta da ita.

Asabar, 13 ga Satumba

Mun zauna ni da Yaya da Sista a kan P ta farko: me muke sayarwa? Har yau guntu-guntu muke sayarwa, kati daban, gwaji daban, sikanin daban. Mai ciki kuwa abu ɗaya take nema, a kula da ita har ta sauka lafiya. Sai muka haɗa shi dunƙule guda.

Yaya ya dage a bi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016: zuwa takwas, na farko cikin mako goma sha biyun farko, sai mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40, da sikanin ɗaya kafin mako na 24. Mu mun ƙara na biyu a ƙarshen ciki don a ga kwanciyar jariri. A cikin dunƙulen akwai gwaje-gwajen ranar farko (yawan jini, rukunin jini, fitsari, ciwon hanta, ƙanjamau da tunjere), maganin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake fara sha bayan wata ukun farko, wata-wata. Haihuwa ba ta ciki, kuma za a rubuta hakan ƙarara a jikin takardar don kada a yi rigima daga baya.

Na lissafa abin da muke kashewa a kan mace ɗaya: kayan gwajin farko 5,500, maimaita gwajin jini da fitsari 2,400, ladan mai sikanin sau biyu 5,000, magunguna 3,600, kati da takardu 700. Jimla naira 17,200. Na sa farashi 25,000.

Talata, 16 ga Satumba

An fara. Sababbi biyar, huɗu suka zaɓi dunƙulen. Wadda ta biya ana buga mata hatimi a kati, ba ta sake zuwa taga.

Asabar, 20 ga Satumba

Maganar talla. Na so a yi takarda mai hoton Yaya da cewa mun fi kowa kula da masu ciki. Ya ƙi, ya ce ƙa'idojin aikin likita na MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, sun hana likita tallan kansa ko farautar marasa lafiya, kuma lasisinsa ne zai shiga haɗari. Wani mai kyamis a bakin titi ya taɓa yi mini tayin ya riƙa turo mata, mu ba shi wani abu a kan kowacce. Wannan ma Yaya ya ce ko kusa, domin ranar da aka fara biyan mai turowa, ba buƙatar mara lafiya ake dubawa ba kuma.

Abin da ya halatta shi ne faɗakarwa da sanar da abin da muke yi. Sista ta je Islamiyyar matan aure ta unguwa da izinin malamar, ta yi minti arba'in a kan alamomin haɗari: ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zubar jini, da jariri ya daina motsi. A ƙarshe aka tambaye ta ranakun awo da kuɗi, ta faɗa. Kuɗin adaidaita sahu da ruwa, 4,000.

Laraba, 24 ga Satumba

Jiya ban iya rubutu ba.

Ranar awo mukan ga mata goma sha biyar. Jiya 41 suka zo. Kafin ƙarfe takwas benci ya cika, wasu suka shimfiɗa ɗankwali a baranda suka zauna. Ungozoma ɗaya ce da mataimakiya. Aka ɗauke wuta wajen tara, janareta ya tashi ya mutu, tacen mai ya toshe, sai sha ɗaya saura aka samu makaniki. Na'urar juya jini a ɗakin gwaji ta tsaya, mai sikanin ya zauna yana jira. Mata tara suka gaji suka tafi ba a gan su ba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Akwai wata yarinya mai cikin fari, wata takwas, ta zo da kanta saboda ta ji bayanin Sista ranar Asabar, kanta na ciwo tun daren Litinin. Ta karɓi lamba ta 29 ta zauna shiru, kunya ba ta bar ta ta yi magana ba. Fiye da awa biyu tana zaune. Baba mai shara ce ta lura da ita ta dafe kai, fuska a kumbure, ta kama hannunta ta kai ta ciki. Da aka auna, jininta 165 bisa 112, ga furotin a fitsari. Yaya ya bar abin da yake yi, ya ba ta maganin sauke jini da allurar da ke hana jijjiga, ya rubuta takarda, muka sa ta a mota da mataimakiyar ungozoma zuwa Asibitin Murtala. Mijin ya kira da daddare ya ce an kwantar da ita, da sauƙi. Alhamdu lillahi.

Laifin nawa ne. Na tura a kira mutane alhali na san layin da na auna ranar 4 ga wata bai gyaru ba, taga kawai na rage. Kuma tsarinmu na wanda ya riga zuwa shi ake fara gani, wanda nake ɗauka adalci ne, a sashen masu ciki haɗari ne. Mu muka gaya mata ciwon kai alama ce, ta ji ta zo, muka ba ta lamba.

Daga gobe: tebur a bakin ƙofa, duk mai ciki da ta shigo a auna jininta kafin ta yanki kati ko ta biya ko kwabo, a tambaye ta tambaya huɗu, ciwon kai, jini, ruwa, motsin jariri. Wadda jininta ya kai 140 bisa 90, ko ta amsa da e a ɗaya daga ukun farko, ko ta ce motsi ya ragu, ciki za ta wuce kai tsaye. Na sayo na'urar awon jini ta biyu, 38,000. Gyaran janareta 16,500. An dakatar da duk wata faɗakarwa a waje sai an ga teburin ya zauna.

Alhamis, 25 ga Satumba

Teburin ƙofa ya fara aiki. Mata 22. Sista ta kira taran da suka tafi ta ba su haƙuri, shida sun dawo.

Talata, 30 ga Satumba

Lissafin ƙarshen wata, kuma na gano kuskure na biyu. Farashin 25,000 asara ne.

Da na haɗa 17,200, abin da ake saya da hannu kawai na ƙirga. Ban sa albashi ba, ban sa wuta da man janareta ba, ban sa haya da shara ba. Yau na ware kason sashen awo daga waɗannan: albashin ungozoma da mataimakiya gwargwadon lokacin da suke bayarwa, 150,000 a wata, wuta da mai, 60,000, haya da tsafta, 40,000. Jimla 250,000. Kafin wannan aikin muna ganin zuwa kusan 125 a wata, wato kowane zuwa yana ɗauke da naira 2,000 ko da ba a ba mace ƙwayar magani ɗaya ba.

Wadda ta fara da wuri ta cika zuwa takwas, 16,000 ke nan a kan 17,200, ya zama 33,200. Yawancin matanmu sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke zuwa, don haka na ɗauki zuwa shida a matsayin tsaka-tsaki: 29,200. Mata 27 suka riga suka biya 25,000. Asarar 4,200 a kan kowacce, 113,400 gaba ɗaya. Yaya ya ce alƙawari ne, a cika musu shi ba tare da an rage komai ba, kuma haka za a yi.

Sabon farashi daga gobe 32,000. Na yi tunanin yin farashi biyu, mai fara da wuri ta fi biya tunda ta fi zuwa. Sista ta ce: "Ƙanina, in ka yi haka ka koya musu su jinkirta ne, mu kuma roƙonsu muke su zo da wuri." Gaskiyarta. Farashi ɗaya, mu ɗauki ƙaramar asara a kan mai zuwa takwas. In zuwan wata ya kai 200, nauyin kowane zuwa zai sauko zuwa 1,250, asarar ta rufu da kanta. Za a biya kashi uku: 14,000 ranar farko saboda gwaje-gwajen nan suka fi yawa, sai 10,000, sai 8,000. Za a rubuta ranakun biyan a ƙaramar takarda da za ta kai wa maigida, tunda shi ne ke fitar da kuɗin, kuma shi ne ba ya nan lokacin da ake bayani.

Asabar, 4 ga Oktoba

Abin da ido ke gani. Na shiga banɗakin da mata ke ɗibar fitsari, na rufe ƙofa, sai na ga babu sakata, famfo ba ya zuba, buta ɗaya ce kuma ta tsage. Shekara nawa ana tura masu ciki nan. An sa sakata 2,500, gyaran famfo 14,000, labule mai kauri har ƙasa a ɗakin sikanin 18,000, benci biyu masu majingina 44,000, allon farashi da Hausa 12,000. Jimla 90,500, ban da buta. Fenti da sabon allon suna a waje, waɗanda da su na so farawa, sun jira zuwa baɗi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mutane. Yaron da ke yankan kati mai gaskiya ne, ba a taɓa samun gibin sisi a wurinsa ba, amma yakan ɗaga murya ta taga: "Hajiya, akwai sauran dubu goma a kanki!" kowa na ji. Na kira shi ofis, ba a gaban mutane ba. Ya ce hayaniya ce ke sa shi ɗaga murya, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Mun yarda zai riƙa rubuta adadin a takarda ya miƙa. Shi ma ya faɗa mini tasa: watan jiya sai 9 ga wata aka biya su albashi, yana zaune a taga yana tunanin kuɗin makarantar ƙannensa. Na ɗauki wannan. Ba zan nemi sakin fuska a wurin wanda ban biya a kan lokaci ba. Albashi ya koma 28 ga wata, kafin kuɗin masu kawo magani.

Baba mai shara kuma an ƙara mata 5,000 a wata, Yaya ya yi mata godiya a gaban kowa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Wuri da lokaci. Ba za mu iya ɗauke ginin ba, amma za mu iya matsar da sa'a. Safiyar Talata da Alhamis lokacin shirya yara makaranta ne da ɗora girki, maigida kuma ya fita. Yau muka gwada awon Asabar, daga huɗu da rabi bayan La'asar zuwa Magariba, kuma mun samu mace mai sikanin da za ta riƙa zuwa wannan ranar. Ladanta 3,000 maimakon 2,500, wato dubu ɗaya ta ƙaru a kan duk wadda ta yi duka biyun a wurinta. Mata 11 suka zo, bakwai mazajensu suka kawo su a babur suka jira a waje. Biyu daga cikin mazajen sun tsaya sun karanta allon farashi daga sama har ƙasa, ɗaya ya ɗauki hotonsa da waya.

Matsalar da na gani: lokacin gajere ne, fiye da goma sha biyu ba za su shiga ba. Sai an riƙa rubuta suna tun Alhamis.

Talata, 21 ga Oktoba

Wani magidanci ya zo da katin matarsa. Ta yi ɓari makon jiya, sun biya kashin farko. Ya tsaya a taga yana jin nauyin tambaya, yaron kati bai san abin da zai ce ba, don ban tanadi komai a kan wannan ba. Na yi masa jaje, na cire kuɗin gwajin da aka riga aka yi, na mayar masa da sauran a take. Yanzu an rubuta a takardar: wadda ta yi ɓari, ko ta tafi goyon ciki, ko muka tura ta babban asibiti, za a mayar mata da kuɗin abin da ba a yi ba, a ba ta kwafin sakamakon gwaje-gwajenta ta tafi da shi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na sake tsayawa da agogo Talata da Alhamis, mata 33. Matsakaicin zama ya sauko zuwa awa ɗaya da minti goma. Teburin ƙofa ya tsamo mata biyar masu hawan jini a watan Oktoba, duk an gan su cikin minti goma. A cikin 27 ɗin farko, 23 sun dawo ranar da aka sa musu. Zuwan wata ya kai 168, nauyin kowane zuwa ya koma kusan 1,500, ko da yake ƙarin albashin Baba da awon Asabar za su ɗan ɗaga shi.

Ba na so in ɗora wa waɗannan alƙaluma abin da ba za su ɗauka ba. Mata 27 kaɗan ne, kuma wadda ta biya kuɗi gaba ɗaya dole ta fi saurin dawowa ko da ba mu gyara komai ba. Gwajin gaske shi ne masu biya kashi-kashi, ko za su dawo ranar kashi na biyu, da kuma inda za su haihu. Wannan sai Janairu da Fabrairu.

Abin da ke gaba: faɗakarwa a Islamiyya za ta dawo 15 ga wata, amma Sista za ta tafi da takardar rubuta suna, a raba mata a ranaku uku, kada a wuce ashirin a safiya ɗaya. Sannan farashin haihuwa, wanda har yanzu guntu-guntu yake, kuma a nan ne magidanta suka fi tsoron lissafi. Wannan karon zan fara da albashin masu kwanan dare da man janareta kafin in ƙirga safar hannu da zaren ɗinki. Na nemi Sista ta fito mini da rajistar haihuwa ta wata shida ranar Litinin, da jerin abin da aka kashe a kan kowacce.